Kafin A Gyara Faifai, A Fara Kwafe Shi

Mu ƙaddara wata mata ce mai sana'ar ɗaukar hoton biki ta shigo shagon mai gyaran kwamfuta, tana riƙe da kwamfutarta ta tafi-da-gidanka. Kwana uku ke nan kwamfutar na mata wasa. Idan ta buɗe foldar hotuna sai komai ya tsaya cik, sai an jima sannan ya motsa. Jiya kuwa Windows ta ƙi tashi, ta tsaya tana cewa tana gyaran faifai. A ciki akwai hotunan bukukuwa huɗu da ba ta miƙa wa masu su ba tukuna, an kuma riga an biya ta.

"Malam, don Allah ka gyara mini ita yau, amarya sai kira take yi."

Mai gyaran da ya san aikinsa zai ce: "Hajiya, yau ba gyara za mu yi ba. Kwafa za mu fara yi, gyara sai daga baya."

Wannan amsa ita ce dukan abin da nake so mai karatu ya fahimta. Faifan ajiya da ya fara lalacewa ba shi da sauran ƙarfi mai yawa, ba kuma wanda zai iya cewa ga iyakar awannin da suka rage masa. Duk karatun da aka sa shi ya yi, daga cikin wannan ragowar ƙarfin ake cira. Don haka tambayar farko ita ce: a kan me za a kashe abin da ya rage? Amsa ɗaya ce, a kashe shi wajen ɗauko abin da ke ciki zuwa lafiyayyen faifai.

Abin da ke faruwa a cikin faifan

Faifan ajiya irin na da, wanda ake jin motsinsa idan an kara kunne, yana da faranti ɗaya ko fiye a ciki, suna juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya. A saman farantin akwai wata 'yar allurar karatu da ke shawagi. Ba ta taɓa farantin, amma tazarar da ke tsakaninsu ta fi kaurin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. An rarraba farantin gurbi-gurbi, kowane gurbi na ɗaukar bait 512, ko 4096 a yawancin sababbin faifai. Hoto ɗaya na biki yana cin dubban gurabe.

Idan kwamfuta ta faɗi tana kunne, ko zafi ya yi mata yawa, ko kuma tsufa kawai, sai wani sashe na farantin ya raunana, ko allurar ta fara gajiya. Da ta zo kan gurbi mai rauni sai ta kasa karantawa, ta sake gwadawa, ta sake, har daƙiƙu su wuce. Wannan shi ne tsayawar da Hajiya ke gani. Abin tsoron shi ne lalacewar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Idan allura ta goge farantin ta kankaro ɗan ɓurɓushi, ɓurɓushin yana nan yana yawo a ciki, yana jawo sabon rauni a wani wurin. Faifan da ya karanta yau da safe yana iya ƙin motsi da yamma.

Ana iya tambayar faifan halin da yake ciki ba tare da an wahalar da shi ba, domin yana ajiye lissafin lafiyarsa da kansa, wanda ake kira SMART. Umarnin `smartctl -a` yana nuna lissafin. Layi biyu ne mai gyara zai fi dubawa. Na lamba 5, `Reallocated_Sector_Ct`, yana ƙirga guraben da faifan ya riga ya yi wa ritaya ya musanya da na ajiya. Na lamba 197, `Current_Pending_Sector`, yana ƙirga guraben da ya kasa karantawa yake jiran ya ga yadda za ta kaya. Idan na biyun ya wuce sifili, balle a ga yana hawa, to magana ta ƙare, faifai ba lafiya. Dubawa kawai za a yi, kada a sa shi doguwar jarrabawar kansa, domin ita ma karatu ne daga farko har ƙarshe.

Kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya

Abin da hannu ke saurin kaiwa gare shi shi ne `chkdsk`, wato mai gyaran tsarin fayiloli na Windows. A lafiyayyen faifai yana da amfani. A kan maras lafiya kuwa, garin neman gira ake rasa ido.

Dalili na farko, aikin `chkdsk` ba ceto hotuna ba ne. Aikinsa shi ne ya daidaita rajistar faifai ta zama ba saɓani a ciki. Tsarin NTFS na Windows yana da babbar rajista da ake kira MFT, wadda ke riƙe da sunan kowane fayil da inda yake zaune. Idan wani ɓangaren rajistar ya faɗa kan gurbi mai rauni, mai gyaran yana iya share abin da bai gane ba, ya kwashe ɓaraguzan ya zuba a wata folda mai suna `found.000`, da sunaye irin su `FILE0000.CHK`. Rajista ta daidaita, amma hotunan Hajiya sun rasa sunayensu da mazauninsu. Kuma a kan faifan yake rubutawa kai tsaye, babu komawa baya.

Dalili na biyu, idan aka haɗa masa da `/r`, zai bi faifan gaba ɗaya yana karanta kowane gurbi, yana nacewa a kan masu rauni. Ga shi an yi karatun faifai sukutum, amma ba a adana ko hoto ɗaya a wani wuri ba. Ƙarfin da ya isa a kwafe komai ya tafi a banza.

Haka nan manhajojin dawo da fayiloli. Ba su da laifi a kan kansu, lokacinsu ne bai yi ba. Suna bin faifai suna bincike na awanni, sannan su sake komawa su ɗauko abin da suka gano. Idan ta farko ba ta yi ba a sa ta biyu, faifai ya sake shan wani zagaye. Mafi muni shi ne a saka manhajar a kan shi faifan da ake son ceta, ko a ajiye abin da aka ceto a kansa, domin sabon rubutu na iya hawa kan abin da ake nema.

To me zai hana a ja foldar hotuna kawai a jefa a filashi? Idan fayil ɗaya ne tak ake nema kuma yana buɗuwa, ana iya gwadawa. Amma kwafin yau da kullum ba shi da dabara. Da ya ci karo da gurbin da ya lalace sai ya toge, yana nacewa, daga ƙarshe ya ce ya kasa, alhali dubban lafiyayyun hotuna na gaba suna jira.

Dabarar ddrescue

Wanda ya taɓa ganin tsohon kundi da gara ta taɓa zai gane hikimar nan da nan. Malamin da aka ba kundin ba zai fara da shafin da ya fi ruɓewa ba, yana murza shi har ya marmashe. Zai fara kwafe duk shafukan da ke karantuwa, yana sa alama a inda ya tsallake. Sai ya gama sannan ya dawo ga masu wuya, a hankali. Idan kundin ya wargaje a hannunsa kafin ya gama, ai mafi yawan karatun yana nan a sabuwar takarda.

Haka ddrescue ke aiki. Manhaja ce ta kyauta daga shirin GNU, Antonio Diaz Diaz ne ya rubuta ta, ta fara fitowa a 2004, kuma an fi gudanar da ita a kan Linux. Ba ruwanta da hoto ko waƙa ko sunan fayil. Gurabe take kwafewa yadda suke, kowanne ta ajiye shi a daidai matsayinsa a cikin kwafin.

Aikinta mataki-mataki ne. Da fari tana ɗiba da manyan loma, kilobait 64 a lokaci guda. Idan loma ta ƙi karantuwa ba ta tsayawa musu, sai ta sa alama ta tsallake gaba, daga baya ta juyo ta baya ta kwashe abin da ta tsallake. Mataki na biyu, sai ta koma ga kowace lomar da ta ƙi, ta riƙa karanta gurbi ɗai-ɗai daga gefen farko har ta ci karo da ɓatacce, ta yi haka daga ɗaya gefen. A allo ana kiran wannan `trimming`. Na uku, `scraping`, shi ne ta shiga tsakiyar da ta rage ta gwada kowane gurbi shi kaɗai. Na huɗu kuwa sake gwada waɗanda suka ƙi ne, shi ma sai idan an umarce ta. Kowane mataki ya fi na bayansa wahalar da faifai, ya kuma fi shi ƙarancin riba. Shi ya sa aka jera su haka.

Abin da ya ɗaure wannan aiki duka shi ne taswira, wani ɗan ƙaramin fayil da ddrescue ke rubuta inda ta kwafa, inda ta kasa, da inda ba ta taɓa ba tukuna. Ga mu da muka saba da ɗaukewar wuta, taswirar nan ita ce rabin aikin. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafa, ko man janareta ya ƙare, da an sake ba da umarnin da taswirar nan sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wanda ya manta bai sa taswira ba, daga farko zai sake, kuma faifan ba lallai ne ya ba shi dama ta biyu ba. Duk da haka gara a jona kwamfutar da batirin ajiya ko inbata, domin kowane kashewa da kunnawa haɗari ne ga faifan da ke jinya.

Faifan Hajiya, daki-daki

Mu ce faifan mai gigabait 500 ne. Mai gyara zai kashe kwamfutar ya ciro shi. Zai jona shi da kwamfutar tebur ta wayar SATA kai tsaye idan da hali, domin ƙananan akwatunan USB kan sandare da zarar faifai ya daɗe bai amsa ba. Ba zai bari Windows ta gan shi ba, don ita da ta ga faifai sai ta buɗe shi ta fara rubuce-rubucenta. Zai tayar da kwamfutar daga filashi mai ɗauke da Linux irin SystemRescue, wadda ke zuwa da ddrescue a ciki kuma ba ta buɗe faifai sai an ce ta buɗe. Mai amfani da Ubuntu ko Debian ya lura, sunan kunshin a can `gddrescue` ne. Akwai kuma wata manhaja daban mai suna `dd_rescue`, ba ita ake nufi ba.

Sai wurin zuba kwafin. Dole ya fi gigabait 500, ko da hotunan ba su kai rabin haka ba, tunda faifan ake kwafewa dungurungum. Mai terabait 2 ya fi dacewa, don za a buƙaci wurin kwafi biyu. Kada kuma ya zama mai tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4.

Kafin komai, a tabbatar wane ne wane:

```
lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL
```

A gwada lambar da ta fito da wadda ke rubuce a jikin faifan. Nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa, a juya mai ba da wa da mai karɓa, a zuba wofi a kan hotunan mutane. Sunaye irin `sdb` da `sdc` suna iya sauyawa duk lokacin da aka sake tayar da kwamfuta, don haka a sake dubawa kowane karo. Kwafewa zuwa fayil, maimakon zuwa wani faifai kai tsaye, yana rage wannan haɗari, domin ddrescue ba ta yarda ta rubuta a kan faifai sai an tilasta mata da `-f`.

Mu ce maras lafiyar shi ne `/dev/sdb`, sabon kuma an buɗe shi a `/mnt/sabo`. Zagaye na farko:

```
ddrescue -n /dev/sdb /mnt/sabo/kwafi.img /mnt/sabo/taswira.map
```

Jerin ba ya sauyawa: inda za a ɗauko, inda za a zuba, sannan taswira. Alamar `-n` tana hana ta shiga matakin `scraping`, wato a kwashe mai sauƙi tukuna. Da faifan lafiyayye ne yana ba da megabait 80 a daƙiƙa, da aikin bai kai awa biyu ba. Maras lafiya kuwa yana iya kwana, yana iya kwana uku.

Mai gyara ba zai tafi ya bar shi ba. Yana duban `pct rescued`, wato kason da aka ceto, da `read errors`, da kuma `time since last successful read`, wato tsawon lokacin da aka ɗauka ba a samu ko gurbi ɗaya ba. Yana kuma saurare da kunnensa, yana taɓa faifan ya ji zafinsa, ya sa masa fanka idan ya ɗauki zafi.

Mu ce zagayen farko ya ƙare da kashi 99.9 cikin ɗari. Adadin yana da daɗin ji, amma ragowar nan kusan megabait 500 ce, wato wurin hoto ɗari idan kowanne megabait 5 ne. Yanzu da mafi yawa ya tsira, ana iya matsa wa faifan:

```
ddrescue -d -r3 /dev/sdb /mnt/sabo/kwafi.img /mnt/sabo/taswira.map
```

Taswirar ɗazu ce, don haka ba za ta sake taɓa abin da aka riga aka samu ba. Alamar `-d` tana sa ta karanta daga faifan kai tsaye ba tare da Linux ta shiga tsakani da manyan lomarta ba, `-r3` kuma na nufin a sake gwada ɓatattun gurabe sau uku. Mu ce a ƙarshe layin `bad-sector` ya tsaya a megabait 2, kusan gurabe 4000. Idan zagaye ya wuce adadin bai ragu ba, a haƙura. Nacewa daga nan ba ta ƙara komai sai rauni.

Sai a kashe, a cire faifan, a rubuta suna a jikinsa a ajiye. Aikinsa ya ƙare.

Yanzu ne lokacin gyara

Mataki na gaba shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa: a kwafe kwafin. `kwafi.img` shi ne asali yanzu, mai yiwuwa kuma ba za a sake samun irinsa ba. A yi masa na biyu, duk wani gwaji a yi shi a kan na biyun. Idan gyara ya ɓaci, a share a sake kwafowa daga na farko, ba abin da aka rasa sai lokaci.

Da farko a gwada buɗe kwafin don karatu kaɗai:

```
losetup -r -P -f --show /mnt/sabo/kwafi2.img
mkdir -p /mnt/duba
mount -o ro /dev/loop0p2 /mnt/duba
```

Umarnin farko zai faɗi sunan da ya ba kwafin, lambar ƙarshe kuma ta danganta da ɓangaren da hotunan suke. Sau da yawa a nan ake gamawa, foldoji su fito da sunayensu a kwashe. Idan bai buɗu ba sai a kawo TestDisk, wanda ke nemo ɓangarorin faifai da suka ɓata. Idan rajistar ce ta lalace ƙwarai, sai PhotoRec, wanda ke gane hoto daga siffar farkonsa ba tare da rajista ba, sai dai yana dawo da fayiloli babu sunayensu na asali babu folda. Duka biyun na Christophe Grenier ne, kuma kyauta ne. Ko `chkdsk` ɗin da muka hana ɗazu, yanzu ana iya sakar masa kwafi na biyu. Kayan aikin ba su sauya ba, abin da ake aikin a kansa ne ya sauya.

Megabait 2 ɗin da suka ƙi fa? Wurarensu a cikin kwafin sifili ne zalla. Idan sun faɗa inda babu komai, ba wanda zai sani. Idan sun faɗa tsakiyar hoto, za a ga sama lafiya, ƙasa kuma ya koma toka-toka ko launi ya hargitse. Don haka a buɗe hotunan a duba da ido kafin a ce wa Hajiya an gama, a kuma gaya mata gaskiyar adadin da ya samu rauni.

Inda ddrescue ba ta da iko

Idan faifai na ƙas-ƙas a kai a kai, ko yana ƙarar gurza, ko ba ya juyawa sam, ko kwamfuta ba ta ganinsa, ko tana nuna girman da ba nasa ba, to ciwon ya wuce na manhaja. A kashe shi nan take. Allurar da ta karye tana kan farantin tana kankare shi, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa a hannun kowa. Wannan aikin ƙwararru ne masu ɗaki na musamman da ƙura ba ta shiga, inda ake sauya allura. Kada a kwance shi a kan teburin shago, kada a buga shi, kada kuma a bi tsohuwar shawarar nan ta sa shi a firiji, domin raɓa na iya taruwa a jikinsa da cikinsa.

Faifan zamani na SSD ba shi da faranti ko allura, kuma yakan mutu farat ɗaya ba sallama. Muddin kwamfuta na ganinsa, ƙa'idar ba ta sauya ba, a kwafe shi tun yana amsawa. Idan kuma an kulle faifai da BitLocker, kwafin ma a kulle zai fito, sai da mabuɗin mai shi.

Ba kowane mai karatu ne zai zauna ya buga waɗannan umarni ba, ba kuma dole ba ne. Abin da ke hannunka shi ne matakin farko. Da kwamfuta ta fara sandarewa wajen buɗe fayil, ko ta fara gyaran faifai da kanta duk sanda aka kunna, kashe ta, ka daina gwada ko za ta tashi. Idan ka kai ta shago, ka tambayi mai gyara tambaya ɗaya kafin ka miƙa masa: "Malam, za ka fara kwafe faifan gaba ɗaya kafin ka taɓa shi?" Idan ya ce bari ya fara sa masa wata manhaja ya gani, karɓi kayanka ka ƙara gaba.